Inshorar Tarzoma, Yajin Aiki da Bore: Dalilin Ware Ta Daban, da Abin da Gadar Malanville Ta Nuna

Tsakure

Wannan takarda ta duba dalilin da ya sa kamfanonin inshora suke cire asarar tarzoma da yajin aiki da boren jama'a daga inshorar gobara da ta jigilar kaya, sannan su sayar da ita a ware. Hujjar da aka gina takardar a kanta ita ce, wannan asara ba ta zuwa ɗai-ɗai, tana zuwa ne a dunƙule, wuri guda kuma lokaci guda, don haka lissafin da ke riƙe inshorar gobara ba ya iya ɗaukarta. An ɗauki Malanville, garin da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin da Nijar, da rufe gadarsa a 2023, a matsayin ma'auni.

Abin da doka ta ce

Malanville yana jihar Alibori, a bakin kogin Kwara, yana kallon Gaya ta Nijar, kuma tsakaninsa da tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai tafiyar sama da kilomita 700. Shekara da shekaru ta gadarsa ce mafi yawan kayan da 'yan kasuwar Yamai da Maraɗi da Damagaram suka yo oda ta teku suka riƙa shiga Nijar. Kasuwarsa tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Benin, inda Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani suke hada-hadar albasa da shinkafa da masara. Ƙasashen biyu da gadar ta haɗa suna ƙarƙashin dokar inshora guda, wato kundin CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yaoundé ranar 10 ga Yuli 1992, ya kuma fara aiki a 1995, yau yana aiki a ƙasashe 14.

Sashe na 38 na wannan kundi shi ne ƙashin bayan zancen. Ya tanadi cewa kamfanin inshora ba ya biyan asarar da yaƙin waje, ko yaƙin basasa, ko tarzoma, ko boren jama'a suka jawo, sai fa idan an yi yarjejeniya ta daban a kan haka. Abin lura a nan shi ne cirewar tana cikin doka ne tun kafin a buga takardar inshora. Mai sito a Malanville da ya yanki inshorar gobara, ya karanta takardarsa daga farko har ƙarshe bai ga an ambaci tarzoma ba, zai ɗauka shirun alheri ne. Alhali shirun takarda a nan yana nufin ba a rufa masa ba. Idan yana son a rufa, sai ya sayi ƙari, wanda a takardun ƙasashen renon Faransa ake rubuta shi GEMP, a biya masa kuɗi daban, sau da yawa da iyakar diyya ƙasa da ta gobara, da kuma wani kaso na asarar da mai kaya zai ɗauka da kansa.

Sashen ya kuma raba nauyin kawo hujja. Idan maganar yaƙin waje ce, mai kaya ne zai tabbatar cewa ba yaƙin ne ya jawo masa asara ba. Idan kuwa yaƙin basasa ne ko tarzoma ko bore, kamfani ne zai tabbatar cewa su ne sanadi kafin ya ƙi biya. Wannan ƙaramin bambanci zai dawo nan gaba, domin a kansa ne yawancin rigingimun biyan diyya suke tsayawa.

Lissafin da ke ƙarƙashin cirewar

Ana yawan cewa an ware tarzoma ne saboda ta fi gobara haɗari. Wannan bayani bai gamsar ba, domin inshora ba ta gudun haɗari, da shi take cin abinci. Abin da take gudu shi ne haɗarin da zai faɗa wa kowa rana ɗaya. A ƙaddara, don lissafi kawai, kamfani ya rufa wa shaguna 1,000, kowanne da kayan sefa miliyan 10. A ƙaddara kuma kowace shekara shago 5 ne suke ƙonewa, wannan a Kandi, wancan a Parakou, wani a Kwatano. Asarar shekara ta zama miliyan 50, wato kowane mai shago ya biya sefa 50,000 an rufe ramin, ban da kuɗin gudanarwa. Wata shekara shago 3 ne, wata shekara 8, amma ba a yin nisa da 5. Yanzu a ɗauki tarzomar da ke aukuwa sau ɗaya cikin shekara 20, amma idan ta zo takan cinye shago 100. A matsakaicin lissafi ita ma shago 5 ne a shekara, kuɗinta kuma 50,000 ne. A takarda haɗarin biyu sun yi kunnen doki. A asusun kamfani kuwa ba su yi kama ba ko kaɗan, domin ranar da tarzomar ta zo ana bin kamfani biliyan 1 a dunƙule, kuma idan ta zo a shekara ta biyu, miliyan 100 kawai aka tara. Sauran miliyan 900 dole su fito daga jarin kamfani ko daga manyan kamfanonin da ke tsaya wa masu inshora, irin su CICA-RE da ke Lome da Africa Re da ke Legas, da waɗanda ke bayansu a Turai. Wannan jari ba kyauta yake zaune ba. Kuɗin ajiye shi shekara 20 yana jiran rana ɗaya shi ne ainihin farashin inshorar tarzoma, kuma masu tsaya wa kamfanonin su ne sukan gindaya sharaɗin a ware ta, a ƙirga ta, a sa mata iyaka.

Za a iya cewa, ai gobarar kasuwa ma haka take. Wutar da ta tashi a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a 2015, da ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ba shago ɗaya suka ci ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kamfanoni ba su cika son rufa wa shagunan cikin babbar kasuwa ba. Amma gobara tana da iyaka ta ƙasa: inda titi mai faɗi ya ratsa, nan takan tsaya, kuma kamfani yana iya cewa ba zai ɗauki fiye da adadi kaza a kasuwa ɗaya ba. Tarzoma ba ta san titi ba. A Janairun 2015 zanga-zangar da ta ɓarke a Damagaram ranar 16 ta isa Yamai ranar 17, garuruwan da ke da tazarar kusan kilomita 900. A Mayun 2019, bayan zaɓen 'yan majalisar Benin na 28 ga Afrilu, ana ƙone-ƙone a unguwar Cadjèhoun ta Kwatano, aka kuma cinna wa masana'antar gurzar auduga wuta a Kandi, wadda ba ta da nisa da Malanville. Kamfanin da ya warwatsa abokan cinikinsa daga teku har bakin Kwara don kauce wa gobara, bai kauce wa komai ba idan labari guda ne ya tayar da garuruwan.

Akwai dalili na biyu. Ba wanda ya san ranar da wayar lantarki za ta yi tartsatsi, amma kowa ya san ranar zaɓe, ya san ranar da ƙungiyar direbobi ta ba da wa'adi, ya san ranar da aka ƙara kuɗin mai. Da a ce ana sayar da inshorar tarzoma a farashi ɗaya kowane lokaci, da ba mai sayenta sai ana saura mako guda zaɓe, kuma masu shaguna a bakin babban titi ne kaɗai za su saya. Wannan ne ya sa a inshorar jigilar kaya ta teku kamfani yake riƙe da ikon janye rufin yaƙi da na yajin aiki bayan sanarwar kwana 7 ga kayan da ba su riga sun tashi ba.

Mota ɗaya a bakin gada

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, wasu kuma ta kwale-kwale.

A mahangar mai inshora, abin da ya faru shi ne kayan da aka yi musu farashi a matsayin masu tafiya a warwatse kan hanya, mota nan mota can, sun taru a fili guda, babu katanga, babu ranar tashi. Idan mota 500 suka tsaya, kowace da kayan miliyan 14, dukiyar biliyan 7 ce a gefen titi. Ba wanda ya karɓi kuɗin inshora da wannan hoto a ransa.

A bi mota ɗaya. A ƙaddara wani ɗan kasuwar Maraɗi ya yo odar shinkafa, an gama sauke jirgin a Kwatano ranar 15 ga Yuli, an loda masa tan 35, wato buhu 700 mai kilo 50. A sa kowane buhu sefa 20,000, kaya sun tashi miliyan 14. Ya yanki inshora mafi faɗi, wadda ake kira ta dukkan haɗurra, daga tashar lodi har sitonsa, bisa sharuɗɗan kasuwar Landan na 2009. (Littafin farko na kundin CIMA bai shafi inshorar teku da ta kogi ba, don haka a nan sharuɗɗan takardar ne suke hukunci, amma sun cire tarzoma kamar yadda sashe na 38 ya cire.) Motar ta iso Malanville a farkon Agusta ta tarar da gada a rufe.

Damina ce. Tamfol ya fara yoyo ta inda igiya ta ci shi, zafi ya taru a ƙarƙashinsa, buhunan da ke sama suka yi gumi, bayan makonni aka buɗe aka tarar layin sama ya yi funfuna ya dunƙule. Ruwan saman da ya shiga ta ɓarakar tamfol ana iya jayayya a kansa, amma lalacewar da daɗewa kawai ta jawo an cire ta ƙarara, domin sharuɗɗan sun ce ba a biyan asarar da jinkiri ya haifar, ko da abin da ya jawo jinkirin yana cikin abin da aka rufa. Kuɗin cin direba da yaron mota, da kuɗin zaman mota, da faɗuwar farashi, duk ba lalacewar kaya ba ne, ba mai biyansu. Ƙarin yajin aiki da tarzoma ma bai taimaka a nan ba, kuma wannan shi ne abin da masu saye suka fi jahilta. Ƙarin yana biyan ɓarnar da masu yajin aiki ko masu tarzoma suka yi wa kaya da hannunsu. Idan 'yan dako a tashar Kwatano suka naɗe hannu kaya suka ruɓe, bai biya. Idan tafiyar ta wargaje aka fasa kai kayan, bai biya.

A ƙaddara kuma wata rana jama'a sun fusata, sun afka wa layin motoci, sun kwashe buhu 300, asarar miliyan 6. Inshorar dukkan haɗurra tana biyan sata, amma sashenta na 7 ya cire abin da masu tarzoma suka yi, don haka in bai sayi ƙarin ba, ba shi da ko dala. In ya saya, sai a duba kalanda. Rufin yana ƙarewa idan kaya suka isa sito, ko bayan kwana 60 da gama sauke jirgi, duk wanda ya riga zuwa. Kwana 60 daga 15 ga Yuli ya cika 13 ga Satumba. Wawason 10 ga Satumba ana biya, na 20 ga Satumba ba a biya, sai in ya sanar da kamfani tun da wuri an tsawaita masa, ya ƙara kuɗi. In kuwa ya gaji da jira ya sauke kayan a wani sito a Malanville don ya riƙa sayarwa, ya yanke tafiyar da kansa, rufin jigila ya ƙare nan take, ya koma buƙatar inshorar sito, wadda ita kuma take ƙarƙashin sashe na 38. In ya ɗora buhunan a kwale-kwale ba tare da sanin kamfani ba, ya canza hanyar da aka yi yarjejeniya a kanta. In kuma hukuma ce ta tsare kayan ko ta ƙwace su, wannan ya faɗa sashe na 6 na yaƙi da tsarewa, kuma rufin yaƙi da aka saba sayarwa yana aiki ne muddin kaya suna kan ruwa, ba ya bin mota zuwa tudu.

Abin da wannan misali ya fito da shi shi ne, ɗan kasuwar yana da rufi uku a gabansa, na haɗarin yau da kullum, na tarzoma, da na yaƙi, amma babbar asararsa ta faɗa tsakaninsu. Kamar mai rumfa ne da ya shimfiɗa zana uku ba su haɗa baki ba, ruwa kuma ta mahaɗin yake zuba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Suka mafi ƙarfi ita ce, an ware tarzoma amma ba a fayyace ta ba. Kundin CIMA bai faɗi mutum nawa ne suke zama tarzoma ba. A dokar Ingila, wadda sharuɗɗan Landan suke komawa gare ta, mutum 3 sun isa a da, har Majalisar Dattawan ƙasar, a matsayinta na kotun ƙoli, ta yanke a 1924 cewa 'yan bindiga 4 da suka yi fashi a gidan burodin Bolands a Dublin tarzoma suka yi, kamfani ya tsira daga biya. Dokar 1986 ce ta ɗaga adadin zuwa 12. Daga sama kuma akwai wani layin, wanda ya raba tarzoma da tawaye da yaƙin basasa, kuma a kansa aka yi shari'ar Spinney's a Landan kan shagunan da aka wawashe a Beirut a 1976. Mai kaya yana iya faɗawa ta kowane ɓangare. In bai sayi ƙari ba, kamfani zai ce tarzoma ce ba sata ba. In ya saya, kamfani zai iya cewa abin ya wuce tarzoma, tawaye ne ko yunƙurin siyasa, musamman inda takardar ta cire duk abin da ke da manufar siyasa. Da wuya a sami tarzoma a yankinmu da ba za a iya laƙaba mata siyasa ba. Tare babbar hanyar arewa a Savè da Tchaourou gab da zaɓen shugaban ƙasar Benin na Afrilun 2021 siyasa ce tsantsa, kuma wannan ita ce hanyar da motocin Malanville suke bi. Ƙarin da ya cire siyasa a kan wannan titi ya cire kusan duk abin da aka saye shi dominsa.

A nan ne nauyin hujja yake da amfani. Tunda sashe na 38 ya ɗora wa kamfani tabbatar da tarzoma, takardun farko su ne suke yanke hukunci: rahoton jandarma, da shaidar ma'aikacin kotun da ya zo ya ga ɓarnar, da rahoton mai tantance asara. Rahoton da ya ce "masu zanga-zanga sun fasa sito da rana" da wanda ya ce "waɗansu mutane sun ɓalle ƙofa da dare, kwana biyu bayan an lafa" suna iya bayyana sito ɗaya, amma ɗaya ya kai ga biya, ɗayan ya hana. Mai kaya da bai halarci rubuta waɗannan takardu ba, bai adana rasit da littafin sito a wani wuri daban ba, ya bar wa wani ya ba da labarin asararsa.

Wannan suka, a ganina, ta rusa yadda ake sayar da ƙarin, amma ba ta rusa dalilin ware shi ba. Masu cewa a zuba tarzoma cikin kowace inshorar gobara a huta, ya kamata su dubi Afirka ta Kudu. Bayan boren Soweto na 1976 kamfanoni suka janye, aka kafa Sasria a 1979, asusu guda da ke karɓar ɗan ƙaramin kuɗi ta hannun kamfanoni a kan miliyoyin takardu. Ya yi shekara 40 yana tara kuɗi. Tarzomar kwanaki kaɗan a Yulin 2021, a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng, ta jawo masa neman diyyar sama da rand biliyan 30, har sai da gwamnati ta zuba masa biliyan 22. In asusun ƙasa guda, mai tattalin arziki irin wannan, bai iya ɗauka shi kaɗai ba, ƙaramin kamfani a Kwatano ko Yamai da aka tilasta wa haɗiye wannan haɗari cikin kuɗin gobara zai rushe ne a ranar, ya tafi da haƙƙin masu gobarar gaske da masu haɗarin mota. Asusun takaful ma bai kuɓuta daga wannan lissafi ba, domin sauya tsarin mallakar asusu bai hana masu zubi su yi asara tare ba.

Wasu kuma suna cewa tsaron dukiya aikin hukuma ne, ita ya kamata ta biya. A Ingila an bi wannan ra'ayi tun dokar 1886, wadda ta ɗora wa asusun 'yan sanda biyan ɓarnar tarzoma, amma ko can dokar 2016 ta sa iyakar fam miliyan 1 ga kowane mai nema, ta kuma bar asarar ciniki a waje. Ga manyan masu zuba jari a yankinmu akwai hukumar ATIDI mai hedikwata a Nairobi, wadda Benin da Nijar suke cikinta, tana rufa haɗarin siyasa, sai dai ba a gina ta don mai buhu 700 ba.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gyara uku a matakin CIMA, waɗanda ba su buƙatar ko sisi daga baitulmali. A wajabta wa kamfani ya gabatar da ƙarin GEMP a rubuce da farashinsa duk lokacin da ya sayar da inshorar gobara ko ta jigila, wanda ya ƙi saye ya sa hannu, domin sashe na 8 na kundin ya riga ya buƙaci a rubuta cirewa da manyan haruffa, amma cirewar da ke zaune cikin doka tana iya wucewa ba a gan ta ba. A fayyace tarzoma da abin da ido ke gani, wato taron jama'a da ƙarfi da ɓarna, a daina auna ta da niyyar da ke zuciyar masu yi. Ga kayan da ke ratsawa zuwa ƙasar da ba ta da teku kuma, a sa tsawaita wa'adin kwana 60 ya zama haƙƙi a farashin da aka sani tun farko idan hukuma ce ta rufe iyaka. Asusun haɗin gwiwa na ƙasashe 14 zai fi na ƙasa ɗaya ƙarfi, tunda da wuya Libreville da Gaya su kama wuta mako guda, amma ba zai tsaya ba sai an fara sanin adadin dukiyar da ke taruwa a wurare irin Malanville, kuma wannan ƙidaya tana hannun kwastan da masu fiton kaya, ba ta hannun kamfanonin inshora.